Maki shida da suka koma biyar: yadda kyan sura ke shiga takardar intabiyu

A shekarar 2008 wata yarinya ’yar shekara 17 mai suna Samantha Elauf ta je intabiyu a wani shagon kayan yara na kamfanin Abercrombie & Fitch da ke birnin Tulsa, jihar Oklahoma ta Amurka. Aikin sayar da tufafi take nema. Musulma ce, kuma ta je sanye da baƙin mayafi a kanta kamar yadda ta saba fita. Mataimakiyar manajan shagon ce ta zauna da ita. Har suka tashi babu wadda ta ambaci mayafin, babu wadda ta kawo maganar addini.

A lokacin kamfanin yana da takardar ba da maki, kuma a kan wannan takarda nake so mu tsaya. Gida uku gare ta. Na farko sura da iya sa kaya, na biyu sakin jiki da mutane da karɓar kowane irin mutum, na uku wayewa da buri. A kowane gida ana ba da maki daga 1 zuwa 3, wanda ya haɗa shida ya cancanci a ɗauke shi. Matar ta ba Samantha biyu a kowane gida. Ta haɗa shida, ta ci ke nan.

Sai dai mayafin ya tsaya wa matar a rai, domin dokar shiga ta kamfanin ta hana ma’aikaci sa hula, ta kuma hana baƙaƙen kaya. Ta kira manajan shiyya ta tambaye shi. Bisa shaidar da ta bayar daga baya, ta gaya masa tana jin saboda addini yarinyar ke rufe kai, shi kuma ya ce ta rage makin gidan sura daga biyu zuwa ɗaya. Shi manajan ya musanta cewa an yi masa maganar addini. Abin da ya faru da takardar dai shi ne, ta farko ta tafi kwandon shara, aka cike sabuwa, shida ta koma biyar. Ba a kira Samantha ba. Wata ƙawarta da ke aiki a shagon ce ta tsegunta mata dalili.

Wani zai ce ai wannan maganar addini ce, me ya haɗa ta da fifita kyawawa? Abin da ya haɗa su shi ne wancan gida na farko. Ba don akwai gidan da aka ware wa sura ba, da manajan shiyya bai sami inda zai zare maki ɗaya cikin sauƙi haka ba. Ba zai iya cewa ba ta iya magana da mutane ba, bai ji ta ba. Amma sura, kowa yana ganin yana da ikon yanke hukunci a kanta ko ta waya ne.

Kamfanin bai taɓa ɓoye manufarsa ba. Shugabansa na lokacin, Mike Jeffries, ya gaya wa mujallar Salon a 2006 cewa kyawawa suke ɗauka a shagunansu, saboda kyawawa ne ke jawo kyawawa, kuma su ne kwastomomin da suke so. A lokacin masu tsayawa gaban shago ma ba masu sayar da kaya ake kiransu ba, sunan masu tallan kayan ƙawa aka laƙaba musu. Wanda ba a ga ya dace da gaba ba, sai a tura shi sito yana ninke riguna inda kwastoma ba zai gan shi ba. Tun a 2003 wasu baƙaƙen fata da ’yan asalin Latin Amurka da na Asiya suka kai kamfanin ƙara, suna cewa ko dai a ƙi ɗaukarsu ko a ɓoye su a sito da aikin dare. A ƙarshen 2004 aka sasanta, kamfanin ya yarda zai biya masu ƙarar dala miliyan 40. A Landan kuma, a 2009, wata ɗalibar lauya mai hannun roba, Riam Dean, ta yi nasara a kotun ma’aikata bayan an janye ta daga gaban shago an mayar da ita sito, saboda rigar sanyin da take rufe hannun da ita ta saɓa dokar shiga.

Duk inda aka ce kyau ne ma’auni, ba ya tsayawa a kan kyau. Wanda ke aunawa yana da hoton kyakkyawa a kansa, kuma hoton yana da launin fata, yana da shekaru, yana da irin suturar da ya saba gani, yana da hannu biyu da ƙafa biyu. Duk wanda ya kauce wa hoton zai rasa maki ba tare da an faɗi dalilin ba.

Shari’ar Samantha ta ɗauki shekaru. Hukumar da ke kula da daidaito wajen ɗaukar aiki a Amurka, EEOC, ta shigar da ƙara a madadinta a 2009. Kotun farko ta ba ta gaskiya, masu taimaka wa alƙali suka yanke mata diyyar dala 20,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2013, tana cewa ai yarinyar ba ta faɗa da bakinta cewa tana buƙatar sassauci saboda addini ba. Ranar 1 ga Yunin 2015 Kotun Ƙoli ta juya wannan, alƙalai takwas a gefenta, ɗaya ya saɓa. Hukuncin ya ce ba sai mai ɗaukar aiki ya tabbatar da addinin mutum ba, muddin gudun yi masa sassauci yana cikin dalilan ƙin ɗaukarsa, an karya doka.

A lura da ƙofar da ta bi ta yi nasara. Dokar kare haƙƙin jama’a ta Amurka ta 1964 ta hana wariya saboda ƙabila, launin fata, addini, asalin ƙasa da kasancewa mace ko namiji. Ba ta ambaci kyau ko muni ba. Wurare ƙalilan ne suka ƙara nasu, kamar jihar Michigan da ta hana wariya kan tsawo da ƙiba, da birnin Washington da ya hana wariya kan kamannin mutum. Wato da Samantha ba ta sa mayafi ba, aka rage mata maki don kawai manaja bai ga fuskarta ta yi masa ba, da wuya ta sami kotun da za ta saurare ta. Mafi yawan waɗanda wannan abu ke cutarwa haka suke, babu ƙara, babu diyya, ba su ma san me ya faru ba. Gyaran yana hannun mai ɗaukar aikin ne.

Yawancin masu ɗaukar aiki ba irin Jeffries ba ne. Ba su rubuta a ko’ina cewa kyawawa suke so ba, kuma za su rantse maka ƙwazo suke dubawa. Ina kuma yarda da rantsuwarsu. Matsalar ita ce kyan yana canza yadda suke ganin ƙwazon. Tun 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja, idan suna auna na ƙasa da su, wanda suka ba babban maki a ƙirar jiki sai ya zamana sun ba shi babba a basira da jagoranci da hali, kamar abu ɗaya ya haska sauran. Mu ma muna da kalmominmu na wannan: yana da kwarjini, tana da farin jini, jinina ya haɗu da nasa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin intabiyu ya ji su, da zarar mai neman aiki ya ja ƙofa ya fita.

Gwajin da ya fi nuna mini yadda abin yake shi ne wanda Markus Mobius da Tanya Rosenblat suka yi a Ajantina, aka wallafa a 2006. Sun raba mutane gida biyu, masu ɗaukar aiki da ma’aikata. Aikin shi ne warware wasan nemo hanya a kwamfuta, abin da fuska ba ta da hannu a ciki, kuma da aka auna, kyawawa ba su fi kowa warwarewa ba. Mai ɗaukar aiki zai ƙiyasta ƙoƙarin kowane ma’aikaci ya yanka masa lada. Idan takardar bayanai kaɗai ya gani, kyau ba ya ƙara komai. Da an haɗa da hoto sai ladan kyawawa ya hau. Abin da ya fi ba da mamaki, ko da babu hoto, hira ce kawai ta waya, ladan nasu ya hau. Mutumin da aka yi wa fara’a tun yana yaro ya taso da yarda da kai da sakin baki, sai mai sauraro ya ɗauka iya aiki ne. Saboda haka wanda ya ce zai magance matsalar da intabiyun waya kaɗai, ya toshe ƙofa ɗaya ne ya bar ɗaya a buɗe.

Hoto ma ba koyaushe yake ja gefe ɗaya ba. A Isra’ila, Bradley Ruffle da Ze’ev Shtudiner sun aika takardun neman aiki 5,312 zuwa guraben aiki 2,656, bibbiyu, masu bayanai kusan iri ɗaya, ɗaya da hoto ɗaya babu. Maza kyawawa an kira su kusan ninki biyu na mazan da ba su da wani kyau. A mata kuwa, waɗanda ba su sa hoto ba sun fi kowa samun kira, har da kyawawan. To ka ga hoton yana ɗaga wani, yana kayar da wata, kuma a duka biyun ba aikin ake aunawa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a wurarenmu da wuya ka ga fom ɗin neman aiki da ba a ce a manna hoton fasfo a kusurwarsa ba.

Yadda za a gina intabiyun da fuska ba za ta ci ba

Darasin Tulsa shi ne takardar maki kaɗai ba ta isa ba. Suna da ita, an cike ta, amma me ke cikin gidajenta, kuma wa ke da ikon taɓa ta bayan an gama? Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce kana da babban kanti kana neman kashiya ɗaya, mutum arba’in sun kawo takardu.

Kafin ka buɗe ko takarda ɗaya, zauna da wanda ya fi daɗewa a kan teburin kuɗi ka tambaye shi abin da ke sa kashiya ya kasa. Ba zai ce maka muni ba. Zai ce kuskuren canji idan layi ya yi tsawo, sakin kaya a kan tiransifa ta bogi, faɗa da kwastoma, gibi a lissafin rufe kanti. Waɗannan huɗun su ne gidajen takardarka. Duk kalmar da ba za ka iya cewa ga abin da mutum ya yi ko ya faɗa da ya nuna ta ba, kamar wayewa, kwarjini ko dacewa da mu, kada ta sami gida. Ta nan son fuska ke shigowa.

Sannan a sa wani wanda ba ya cikin kwamiti ya cire hotuna ya ba kowace takarda lamba. Idan ana buƙatar hoton don tabbatar da cewa mai takardar ne ya zo, mai karɓar baƙi ya duba a ƙofa, ba sai ya kai teburin masu tantancewa ba. Haka nan a hana leƙa shafukan sada zumunta na masu nema kafin a zaɓi waɗanda za a kira, domin cire hoton fasfo ba shi da amfani idan manaja zai je ya kalli hotunan sallah.

Waɗanda aka kira, a fara ba su gwajin aikin kansa: kaya goma da farashinsu, a haɗa jimilla, a cire ragi, a ba da canji, sai ƙullin kuɗi da za a ƙirga a daidaita da rasit cikin minti goma sha biyar. Mai duba amsa lamba kawai zai gani. Wannan maki a rufe shi a ambulan, kwamiti ba zai gani ba sai an gama hira.

Yanzu hirar. Tambayoyi biyar ko shida, iri ɗaya ga kowa, a jere ɗaya, cikin lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya burge kwamiti akan bar shi ya yi minti talatin ana dariya ana taya shi ƙarasa amsa, wanda bai burge ba a sallame shi a minti takwas. Kuma kowace tambaya a rubuta irin amsar da ke cin kowane maki tun kafin ranar. Misali: “Kwastoma ya sayi kayan naira 48,000, ya nuna miki rasit a wayarsa cewa ya tura, kuɗi bai shigo ba, mutum shida na bayansa, ya fara ɗaga murya. Me za ki yi?” Wadda ta ce za ta ba shi kayan tunda ya nuna rasit, ko ta ce za ta gaya masa ƙarya yake yi, maki 1. Wadda ta ce ba za ta saki kaya ba sai kuɗi ya shigo, amma ba ta san yadda za ta yi da layi ko da fushinsa ba, maki 3. Wadda ta ce za ta ajiye kayansa gefe da sunansa, ta ba shi haƙuri ta nuna masa wurin zama, ta sanar da mai duba asusu, ta ci gaba da sallamar layi, maki 5. Da irin wannan a gabanka, murmushi ba ya mayar da amsar 1 ta zama 4, kuma in-ina ba ta mayar da amsar 5 ta zama 2.

Ba ra’ayina kaɗai ba ne. Paul Sackett da abokan aikinsa sun sake bin lissafin bincike na shekaru masu yawa a 2022, suka sami tsararriyar hira irin wannan a sahun gaba wajen hasashen yadda mutum zai yi aiki, ƙarfinta ya ninka na hirar kara-zube fiye da sau biyu.

Mutum uku su zauna, kowa ya rubuta abin da aka faɗa, ya ba da maki a kan kowace amsa nan take da biro, ya sa hannu, kafin kowa ya buɗe baki. Idan Alhaji mai kanti yana cikin kwamiti, shi zai faɗi makinsa a ƙarshe. Mun san halinmu, in babba ya riga ya ce “wannan ta yi”, babu ƙaramin ma’aikacin da zai ce ranka ya daɗe ni 2 na ba ta. Inda aka sami tazarar maki biyu ko fiye a tambaya ɗaya, a koma ga abin da aka rubuta: me ta ce? Wanda ba zai iya nuna jimlar da ta sa ya ba da 5 ba, ya sauko.

A ce an gama, mutum biyu ne a gaba. Lamba 7 ta sami 24 cikin 30 a hira, lamba 12 ta sami 21. Aka buɗe ambulan, lamba 7 ta ci 11 cikin 20 a gwajin lissafi, lamba 12 ta ci 19. Jimilla 35 da 40. Idan tun farko an rubuta cewa haɗa su za a yi, magana ta ƙare, lamba 12 ce. A daidai nan ne za ka ji wani ya ce, “Amma fa ta bakwai ta fi dacewa da gaban kanti.” Wannan maganar ita ce wayar da aka buga wa manajan shiyya. Shi ya sa doka mafi muhimmanci a duk tsarin ita ce: takardar da aka sa wa hannu ba a yaga ta, ba a sake cike wata. Mai kanti yana da ikon ƙin bin sakamako, kantinsa ne, amma ya rubuta dalilinsa a wata takarda dabam, da sunansa da kwanan wata, a haɗa da ta asali. Dalilai da yawa da ke da daɗin faɗa a baki, mutum yakan ji nauyin rubuta su.

To tsafta fa? Mai kanti yana da gaskiya idan ya ce ba ya son kashiya mai dauɗa, kuma ban ga laifin a duba ba. Sai dai a fitar da ita daga maki a mayar da ita sharaɗi na e ko a’a, a rubuce, a kuma sanar da masu nema tun a takardar gayyata: kaya wankakku, farce a yanke, yarda da sa rigar aiki. Ma’aunin da nake amfani da shi shi ne, abin da mutum zai iya gyarawa kafin gobe da safe da sabulu da dutsen guga ana iya nemansa, abin da aka halicce shi da shi kuwa, tsawo, haske, ƙiba, tabo, ba a nema. Mayafi, gemu da makamantansu ba sa cikin lissafin tsafta ko kaɗan. Idan akwai dalilin aiki na gaske, kamar injin da zai iya kama tufa, a faɗa wa mutum a fili a tambaye shi yadda za a daidaita. Tambaya ɗaya irin wannan a Tulsa da ta isa.

Ba zan ce wannan tsari yana kashe son kyau gaba ɗaya ba. Ido yana nan, kuma gwajin Ajantina ya nuna yarda da kai tana bin murya ta shigo. Abin da tsarin ke yi shi ne rage wuraren da zai ɓuya, da kuma barin sawu. Sawun shi ne zai gaya maka ko kana da matsala. Bayan an ɗauki mutane sau uku ko huɗu, jera makin hira kusa da makin gwajin da aka duba da lamba. Idan akwai ɗan kwamitin da kullum makinsa ke tashi sama da na gwaji a kan irin mutane ɗaya, ka gano inda yake yoyo. Bayan wata shida kuma ka duba littafin gibi da ƙorafin kwastomomi, ka ga ko waɗanda suka burge a hira su ne suka fi tsare kuɗi. Sannan ka zagaya kantinka da idon baƙo: su wa ke gaba, su wa ke sito, kuma me ya raba su?

Jeffries ya bar kamfanin a Disambar 2014. A Afrilun 2015, makonni kaɗan kafin hukuncin Kotun Ƙoli, Abercrombie ya sanar cewa ya daina ɗaukar ma’aikatan shago bisa ƙirar jiki ko kyan sura, ya kuma canza musu wancan suna na masu tallan ƙawa. Bayan hukuncin ya biya Samantha dala 25,670, shekara bakwai bayan ranar da aka jefa takardarta mai maki shida a kwandon shara.